Na Ce Injinta Lafiya Lau

Mu masu gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram muna da wata ɗabi'a da muka gada daga masu gyaran rediyo: ba ka cewa "ban sani ba" a gaban mai kaya. In ka faɗa, gobe wani zai kira. Da wannan ɗabi'a na raba wata baiwar Allah da aikinta.

Sakatariya ce a wani ƙaramin kilinik a Kara-Kara, inda nake duba musu injuna. Mijinta ya rasu, ita ke riƙe da yara. Ita ke buga sakamakon gwajin jini. Sai wasu marasa lafiya suka fara samun saƙo a waya, ga hoton sakamakonsu, ga barazanar za a nuna wa dangi. Duk takardun a injinta suke. Kafin azahar unguwa ta gama yanke mata hukunci.

Likitan ya kira ni. Ni kuma na kira wani abokin karatuna da ke aikin tsaron injuna a Yamai.

"Kada ka kashe injin," ya ce. "Na san halinka, kashe-ka-kunna. Abin da ke cikin RAM, ma'ajiyar abin da inji ke yi a lokacin, ana kashewa ya tafi. Kwashe shi tukuna."

Wannan dai na yi daidai. Injin na kunne na kwafe RAM ɗin a kile USB, ɗan abin nan na ajiyar fayil, na kai shago, na buɗe da manhajar bincike Volatility yadda ya kwatanta mini. Rezon intanet ya wahalar da ni kafin ya sauke alamomin Windows da Volatility ke buƙata. Na sa pslist, sunayen duk abin da ke gudana suka fito, babu baƙo. Na sa malfind, mai neman wuraren RAM da za a iya rubutawa a kuma gudanar, alhali babu fayil a bayansu. Ya zubo shafi bayan shafi. Na bincika na farko, na ga na antibirus ne, kuma an saba ganinsa haka. Na biyu ma nasa ne. Sai na ɗauka sauran duk haka suke. Gaskiya ban iya karanta su ba, kuma na ji kunyar sake kiran Yamai.

Washegari likita ya tambaye ni a gabanta.

"To, malam, an shiga injin ko ba a shiga ba?"

Ta zuba mini ido. Na ce, "Likita, inji lafiya lau yake."

Nan take likita ya sallame ta. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki jakarta da ɗan flas ɗin shayinta ta fita.

Sai bayan damina abokin nawa ya zo gida. Yana zaune a shagona ya ga kilen a rataye a ƙusa.

"Wannan ne? Kawo mu ga aikin babban injiniya."

Ya sake sa malfind, ya wuce na antibirus, ya tsaya a kan explorer.exe. Ya ɗora yatsa a gilashi: PAGE_EXECUTE_READWRITE, a ƙasa kuma haruffa biyu a farkon wurin, MZ.

"Ka san wannan? Haka kowane program na Windows ke farawa. Cikakken program ne aka cusa cikin cikin wani. Shi ya sa pslist bai nuna maka baƙo ba, a rigar ɗan gida yake."

Ya sa netscan, mai nuna inda inji ke haɗe: ga explorer ɗin a haɗe da wani adireshi na ƙasar waje. Ya ciro wurin ya duba, ya ce irin wanda ke ba mutum damar kwashe fayiloli daga nesa ne.

"Kai, mutumina, me ka ce musu?"

Na gaya masa. Daga nan bai ƙara yi mini ba'a ba.

Muka je wajen likita. Ya saurara, ya yarda, ya sa aka wanke injin. Amma ya riga ya ɗauki wata sakatariya, kuma ya ce in ya tayar da zancen, mutane za su ji cewa wata da watanni asirinsu na fita. Ya roƙe mu mu bar shi haka.

Na nemi lambarta. Ta koma Gidimuni wajen yayanta, tana taya matarsa sayar da albasa. Na yi mata bayani duka, har da cewa ban karanta ba na yi magana.

"Malam, ni ai na san ban yi ba," ta ce. "Kai ne yau ka sani."

"Zan gaya wa kowa, Hajiya."

"Ka ce musu me? Haruffa biyu? Ƴata aka daina gaisarwa a makaranta. Je ka nuna wa matan Kara-Kara haruffan."

Na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ana kiranta, ta kashe.

Na gwada. Na faɗa a majalisar ƙofar shagona, na faɗa wa mai kantin kusa da kilinik. Ya saurare ni har ƙarshe yana auna sukari, sannan ya ce, "Amma ba kai ne ka ce injin lafiya lau ba?"