Akwatin "Ba a Fayyace Ba"

Shekarun da kuɗin mai suka yi auki, gwamnati ta ce duk ma'aikacin jinyar da ya ƙaro karatu za a ɗaga shi. Ina asibitin Kebbe lokacin, matata da yara suna Tambuwal, kuma an yi mini alkawarin mayar da ni kusa da su in na ci. Darasi ɗaya ya rage mini.

Malamarmu ta ba mu rahoton wani gwaji da aka yi kan ɗaure ciwo, inda aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu da zuma, wasu da maganin da aka saba. Ta haɗa mana da jerin tambayoyin tantancewa, kowace da akwati uku: e, a'a, ba a fayyace ba.

Ni a gidan malamai na tashi. Wurinmu ɗalibi ba ya gyara littafi, sai dai ya gyara zama. Na ga sunayen farfesoshi jere a kan takardar, sai na bi tambayoyin ina cika "e" kamar mai amsa addu'a. An yi ƙuri'a? E. An ɓoye wa mai ɗaukar majinyata rukunin da majinyaci na gaba zai faɗa? E. An ɓoye wa majinyata da ma'aikata abin da aka sa? E.

Malamar ta kira ni ofis.

"Malam, ka taɓa ɗaure ciwo da zuma?"

"Sosai, Hajiya."

"To mi ka hana majinyaci ya gane? Ko tururuwa ta san rukunin da yake. Kuma waɗanda sunka daina zuwa, ina lissahinsu?"

"Ai manya ne suka rubuta, Hajiya."

"Manyan za su ba ka maki?"

Ta ba ni dama ta ƙarshe. Na hau babur na koma Kebbe da zafin rai. Tunda suka ake so, na bi layi na cika "a'a" daga sama har ƙasa, har da ƙuri'ar da suka bayyana sarai cewa kwamfuta ce ta yi. Akwati na uku ban kalle shi ba. Namiji da gemu, ya rubuta da hannunsa cewa bai iya ganewa ba?

Ashe nan amsar take. Rahoton bai faɗi yadda aka ɓoye rabon ba, bai faɗi ko mai auna ciwon ya san rukunin ba, bai ce komai kan waɗanda suka ɓace ba. Abin da ake so in nuna ke nan, da shafi da hujja.

"Da fari ka yi musu maroƙi," in ji malamar da na mayar mata da takardar, "yanzu ka yi musu alƙali, kuma duk ba ka karanta ba. Sai baɗi."

Allah ya yafe mini, ranar na ce wa matata an ɗage jarrabawa. Ta ce ba komai, ta ƙara mini yaji da daddawa a jaka, wanda zai kai ni wata shekara a Kebbe.