Imel Ɗin da Na Aika wa Masu Injin Ban Ruwa

Shekara goma sha huɗu na yi ina gyaran injin ban ruwa a Kiru kafin ƙananan injina masu shan fetur su cika fadamunmu. Tsofaffin masu shan gas na san su ciki da bai, ko daga nesa na ji tarinsu na san abin da ke damunsu. Sababbin ma ba wuya gare su ba. Matsalar kayan gyara ce. Kamfani ɗaya ne a Kano ke shigo da irin wanda manomanmu suka fi saye, kuma a hannunsa kaɗai ake samun ringi da kafireto da robar nan da ke hana ruwa shiga cikin inji. Sai manomi ya kawo mini injinsa, in kwance, in gano ciwon, in kuma ɗaure in ce ya kai Kano. A hankali mutane suka daina biyowa ta wurina, tunda dai ƙarshenta Kanon za su. Wajen ƙarshen shekarun casa'in na kai ina wuni a bakin shago ina korar ƙuda, kuma na san in rani ɗaya ya sake wucewa a haka, rufewa zan yi.

Sau biyu na je kamfanin. Duk biyun a bakin kanta aka tsayar da ni, aka kalli baƙin man da ke faratuna aka ce manaja ya fita. Na biyun ma ina hango hularsa ta gilashi.

Malamin gonar yankinmu ne ya ba ni shawara. Ya nuna mini wani rubutu a jikin kwalin inji, ya ce adireshin imel ne, kuma da shi manajan ke magana da masu turo masa kaya daga waje, don haka da kansa yake buɗewa, ba yaran kanta ba. A lokacin ko waya ba mu da ita a unguwarmu. Ya kwatanta mini wani shago a Kano inda ake buga takardu a kuma aika saƙo ta kwamfuta.

Na rubuta wasiƙata shafi uku, na tafi da ita. Wata mata na tarar a gaban kwamfutar, mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta karanta, ta ɗauki biro ta fara sokewa. Gaisuwata ta rabin shafi ta mayar da ita layi ɗaya. Inda na ba da labarin iyalina da halin da nake ciki, ta ja masa layi daga sama har ƙasa.

"Malama, wannan fa shi ne gaskiyar maganar," na ce.

"Gaskiya ce, Malam, amma ba ita zai saya ba. Roƙo ka zo yi ko ciniki?"

"Ciniki."

"To faɗa mini me shi zai samu."

Raina ya ɓaci, amma na faɗa. Na ce manomanmu ba sa canza baƙin mai, sai inji ya lalace, su ɗauko shi su je su cika masa ofis da hayaniya wai an sayar musu da jabu. Na ce da yawa suna son saye, tsoron rashin mai gyara a kusa ke hana su. Tana bugawa ina magana. Da ta gama ta karanta mini da Turanci, ta kuma mayar mini da Hausa, sai na ji kamar wani mai hankali ne ya rubuta ba ni ba.

A sama ta sa kan magana: tayin haɗa kai tsakanin mai sayar da inji da mai gyara a Kiru. Sai ni wane ne da shekaruna a sana'a. Sai tayin kansa. Duk wanda ya zo sayen inji daga Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, su haɗa masa da 'yar takarda mai kwatancen shagona, su kuma riƙa sayar mini da kayan gyara a farashin sari. Ni kuma duk mai neman sabon inji in tura shi wurinsu da takarda mai hatimina, don su san daga ina ya fito. Sannan kafin a shiga noman rani mu fito tare ranar kasuwa a Kwanar Ɗangora, su kawo inji da duron ruwa, ni in tayar in nuna wa mutane yadda ake kula da shi. Mu gwada rani ɗaya, in bai yi ba kowa ya kama gabansa. A ƙarshe ta roƙa mini ganawa ta rabin sa'a, ta sa kwatancen shagona.

Sai da layin waya ya katse sau uku kafin saƙon ya tafi. Da zan fita ta yi mini bayani ƙarara. Ta ce ni ba ni da adireshi, da na shagonsu aka aika, don haka amsa nan za ta dawo. Za ta buga ta a takarda ta ajiye, in dawo bayan mako guda in duba.

Na ji ta sarai, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma a raina cewa na yi wannan yarinyar birni ba ta san manya ba. A wurinmu in ka kai buƙata ga wanda ya fi ka, ka gama naka. Ba ka komawa kana leƙe kana tambaya, wannan naci ne da zubar da kai. In ya ga dama zai aiko a kira ka. Ga kwatancen shagona a rubuce, ga shi da motoci da direbobi suna bin hanyar Jos kullum. Kuma har ga Allah akwai wani abu ƙarƙashin wannan: ba na son in ɓata wuni da kuɗin mota in je ta ce mini babu komai, ko ta miƙo mini amsar ƙi a gaban mutane.

Na zauna jira. Duk motar da ta rage gudu a gaban shago sai na miƙe ina goge hannu. Malamin gona ya tambaye ni sau biyu ko na koma, na ce masa ai sun san inda nake. Ruwa ya ɗauke, aka girbe dawa, mutane suka fara gyara kwamin albasa da tumatir. Mako bakwai ke nan.

Ranar wata kasuwa na je Kwanar Ɗangora sayen fulogi, na tarar da cincirindo a bakin titi. Motar kamfanin ce, da duro cike da ruwa, da sabon inji yana feso shi ta tiyo. Wani bakanike daga Tudun Wada, wanda a gabana ya koyi riƙe sifana, yana tsaye da sabuwar riga yana nuna wa manoma inda ake zuba baƙin mai. Ana raba 'yan takardu. Na karɓi ɗaya, kwatancen shagonsa ne. Komai yadda na tsara shi, har duron.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na ce sun sace mini dabara sun ba wani. Washegari da sassafe na shiga motar Kano, ina ta haɗa zafafan maganganun da zan sa a aika musu.

Matar na ganina ta cire tabarau. "Malam, ina ka shiga?"

Ban ko zauna ba ta jawo wani fayil, ta zaro takardu biyu. Gefensu har ya fara naɗewa. Ta farko kwana uku bayan saƙona ta iso. Manajan ya ce tayin ya zo a kan gaɓa, dama suna neman mai gyara a kudancin Kano. In zo cikin mako biyu, kafin kayan rani su sauka, in nuna wannan takarda a kanta za a shigar da ni. Ta biyu gajera ce. Sun jira ba su ji daga gare ni ba, lokaci ya ƙure, za su nemi wani.

"Ba ki aiko mini ba," na ce. Ni kaina na ji rashin kunyar maganar tun kafin ta gama fita.

"Da wa zan aika, Malam? Mutum nawa ke ajiye saƙo a nan? Na ce ka dawo."

Duk da haka na ɗauki takardar na tafi kamfanin. Yaran kanta suka karanta, nan take aka buɗe mini ƙofar da na yi ta hange. Manajan dattijo ne mai sanyin magana. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa.

"Ranka ya daɗe, na ɗauka za a aiko ne," na ce.

"Ta inda ka yi mini magana ta nan na amsa maka," ya ce. "Da na ji shiru sai na ɗauka ka fasa. Shawararka mai kyau ce, kuma da kai na so yi. Amma na riga na yi wa mutumin nan na Tudun Wada alkawari, yankin duka nasa ne. Ba zan warware ba."

Na tambaya ko za a sayar mini da kayan gyara ko kaɗan a farashin sari. Ya ce sai dai ta hannun wancan, haka suka yi da shi. Ya raka ni har ƙofa. Da ma wulaƙanta ni ya yi, da na samu wanda zan zaga a hanya.

Na ƙarasa ranin a shago don kunyar rufewa tsakar aiki. Wata safiya wani dattijon Bafulatani daga wajen Ba'awa, wanda tun ina sabon buɗewa yake kawo mini aiki, ya iso da sabon inji ɗaure a bayan keke. Albasarsa ta kwana biyu ba ruwa. Na kwance, robar ce ta ci, aikin da bai fi minti ashirin ba in akwai kaya.

"Baffa, sai dai ka kai Tudun Wada," na ce.

"Ni kai na sani, ɗana."

"Ba ni da kayan. Shi yana da su, kuma ya iya."

Na yaga kwalin fulogi na rubuta masa kwatancen shagon da hannuna, na taya shi ɗaure injin, na tsayar masa da mota. Da tsananin zafin nan na bazara ya shigo na sayar da bencina da akwatin sifanu. Shagon nawa yanzu ana ajiye buhunan taki a ciki.