Gorar Man da Na Ɗora a Kan Rufi

Mu biyu muka gaji sana'ar man gyaɗa a wajen mahaifiyarmu Inna, ni da ƙanwata. Ni ce babba da shekara bakwai, ni na zauna a Daura, ni kuma na gaji turmin da babban duron da Inna take tara mai. Ita aure ya kai ta Zango, ta tafi da hannunta kawai. A ganina wannan ya isa kowa ya san wace ce uwar sana'a. Har tura mata masu saye nake yi idan nawa ya ƙare, ina jin daɗin cewa, «Ku je wurin yarinyar nan, ba laifi, tana ƙoƙari.»

Ban san ranar da abin ya juye ba. Na dai fara jin masu ƙosai a unguwarmu suna cewa man Zango ba ya kumfa a kasko, ba ya hayaƙi da wuri. A gidan suna, wata tana zuba mini shinkafa ta ce, «Ci ki ji, man ƙanwarki ne.» Na ci, na ce ma sha Allah. Abincin ya yi daɗi, shi ya sa ma raina ya ɓaci.

Ba wani sirri gare ta ba, na je na gani da idona. Gyaɗa ɗaya muke saye, inji iri ɗaya muke kai niƙa, da ruwan zafi muke tuƙawa har mai ya fito ya bar tunkuza. Sai dai ita tana da wani irin sa ido mai ban haushi. Za ta zauna ta tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta ji danshi. Ba ta zuba sabon mai a kan tsoho. Jarka ta ƙare, sai ta wanke ta, ta kife ta kwana biyu har ta bushe ƙayau. Ni kuwa duron Inna bai taɓa ganin ƙasansa ba. Inna ta ce ba a ƙarar da uwar mai, a kanta ake zuba sabo don albarka ta ɗore, haka na taso na gani. In mai ya fara wani ɗan wari, sai in ɗora shi a wuta in jefa albasa, warin ya tafi, in sayar da abina.

A wata bazara wani Alhaji ɗan Mashi, mai babban kanti a Katsina, ya zo neman wadda za ta riƙa yi masa mai duk wata. Yana so ya zuba a kwalabe da tambarinsa, ya jera a kanti. Ya zagaya gidaje da yawa, a ƙarshe ya tsaya a kanmu mu biyu. Mutum ɗaya zai ɗauka. Ya ce shi ba zai dogara da harshensa ba, domin man da zai yi watanni a kanti sai an gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje. Kowacce ta kawo gora ɗaya, a ajiye a gidana tunda ni ce a kan hanya, direbansa zai biyo ya karɓa.

Ƙanwata ta zo da tata gorar a kan babur ran Laraba. Gorar ruwa ce irin ta roba, ta cika ta har wuya, ta ɗaure murfin tamau, ta naɗe ta a baƙar leda biyu kamar mai ɗauke da zinare.

«Yaya, don Allah a sa mini a ɗaki, inda ba rana.»

«Ni za ki koya wa ajiyar mai?» na ce da ita ina dariya.

Ita ma ta yi dariya, ta sha ruwa, ta koma.

Washegari aka ce Alhaji ya tafi Umara, sai bayan mako uku. Gorar nan ta kwana biyu a bayan ƙofata, ina wucewa ina hararar ta. Na kwance ledar na duba. Mai ne garau, babu laka ko ɗigo a ƙasa. Na ɗauko tawa na jera su, na ga abin da masu ƙosai suke gani. Wallahi kishi ne ya kama ni, irin wanda ke sa mutum ya ji zafi har a kunne. Yarinyar da ni na koya mata riƙe muciya!

Na rage man da kusan rabi, na soya ƙwai da shi. Na cire murfin, na rufe bakin da ɗan ƙyalle don kada ƙura ta shiga ta tona mini asiri, na taka turmi na ɗora gorar a kan rufin kwanon kicin. Duk mai sana'ar nan ta san rana ba ta ƙaunar mai. Rana kuwa a lokacin, ko ƙafa ba ta iya taka tsakar gida da azahar.

Kullum da yamma sai in sauko da ita in shinshina. Abin haushi, man nan ya ƙi wari. Ya ɗan yi fari, ƙamshin gyaɗar ya ragu, shi ke nan. Na ce a raina, wato har rana ma tana bayan yarinyar nan. Ran da direba zai zo, na juye shi a wata ƙaramar gora don kada a ga ragin, na rubuta Zango a jiki. Nawa kuwa na ɗebo daga duro, na ƙona shi da albasa har ya yi ƙamshi, ya huce, na rubuta Daura.

Matar da ta yi gwajin 'yar Daura ce, tana zuwa gida duk ƙarshen mako, don haka Alhaji ya roƙe ta ta zo ta yi mana bayani da kanta. Muka zauna a tsakar gidana, Alhaji a kan kujera, ni da ƙanwata da Malamar gwajin a tabarma. Ta fito da takarda. Na yi karatu daidai gwargwado, idona ya riga kunnena. A layin farko, gaban Daura an rubuta bakwai, gaban Zango ashirin da ɗaya.

«Wannan layin shi ne feroksaid,» in ji Malamar. «Idan iska ta fara cin mai, shi ne abin da ke fara taruwa a ciki. Haske da zafi suna hanzarta shi. Ga man da ba a tace a masana'anta ba, irin naku, ba a so ya wuce sha biyar.»

Kada ku tambaye ni irin daɗin da na ji. Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina. Har na dafa gwiwar ƙanwata na ce, «Ayya.»

«Hajiya, ki bari mu sauka layi na biyu,» Malamar ta ce da ni.

Layi na biyu na asid ne, wanda ya saku daga jikin mai. Ta ce shi ba rana ce ke kawo shi ba, ruwa ne da ya rage a cikin mai, da gyaɗar da ta ji danshi ko ta yi fumfuna, da lakar da ta daɗe kwance a ƙasan mazubi. Shi ke sa mai ya yi hayaƙi da wuri a kasko. Ba a so ya wuce kashi biyu cikin ɗari. Na Zango ko ɗaya bai kai ba. Na Daura ya haura huɗu.

«Amma ai nawa ya ci na farkon,» na ce, muryata ta ɗan tashi.

«Ya ci a takarda. Kin ɗora shi a wuta kafin ki aiko, ko? Na ji albasa tun ina buɗewa.» Ba ta jira amsa ba. «Feroksaid ba ya zama. Yana hawa, sannan ya farfashe ya koma abubuwan da ke kawo wari da maƙaƙi a maƙogwaro. Wuta ma tana farfasa shi. Shi kansa ba shi da wari, shi ya sa hanci ba ya kama shi da farko. Tsohon mai da aka ƙona yana iya ba da ƙaramar lamba alhali ya riga ya wuce wurin. Na shinshina naki, na ɗanɗana. Albasar ta rufe, ba ta gyara ba.»

Ta tambaye ni ko ina zuba sabo a kan tsoho. Na ce haka uwarmu take yi. Ta ce Allah ya jiƙanta, amma tsohon mai yana jan sabo ya bi shi. Ta faɗa a hankali, da ladabi, ni kuwa ji na yi kamar ta kwance mini zane a kasuwa.

Sai ta juya wajen ƙanwata, tana kaɗa biro a kan takardar.

«Naki ne ya ɗaure mini kai. Asid kaɗan haka yana nuna gyaɗa mai kyau, da hannu mai tsabta, da sabon mai. Sabon mai irin wannan bai kamata feroksaid ɗinsa ya yi sama haka ba. Kamar an buɗe shi an bar shi a rana kwana da kwanaki. Ina kika ajiye shi?»

Gorar da na rubuta wa Zango tana nan a gabanmu da ɗan ragowar mai, Malamar ta dawo da ita. Ƙanwata ta kalle ta. Ba gorarta ba ce, ba girmanta ba, kuma rubutun da ke jiki ta san shi tun tana aji ɗaya, don ni nake duba mata aikin gida. Ta daɗe tana kallo. Ni kuwa na ƙura wa kajin da ke tono a gindin randa ido, kamar ban taɓa ganin kaza ba.

«Laifina ne, Malama,» ta ce. «A taga na bar shi kafin in kawo. Ina jin ban rufe da kyau ba.»

Alhaji ya yi tsaki kaɗan, ya ce mata ba a wasa da irin wannan. Ta ce ya yi haƙuri. Malamar ta dube ta, ta dube ni, ta ninke takardarta. Ta ce a shawararta a sake ɗebo na Zango a gwada, a kai kai tsaye. Nawa kuma, ta ce, ko an sake gwadawa babu abin da zai canja sai an kife duron an wanke.

Da suka tafi, ƙanwata ta taya ni naɗe tabarma. Na jira ta yi magana. Na ma shirya amsa, na shirya faɗa, na shirya tuna mata wace ce babba. Ta ɗauki mayafinta ta ce, «Yaya, zan koma kada yamma ta yi. A gaishe da yara.»

Gwaji na biyu ya fito lafiya lau, Alhaji ya ɗauke ta. Shekara huɗu ke nan. Tana zuwa kowace Sallah, tana durƙusawa ta gaishe ni, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin da zan tayar ba. Cinikin da ta samu na daina jin zafinsa tuntuni. Abin da har yau nake kishi shi ne ƙaryar nan da ta yi a tsakar gidana ba tare da ko numfashinta ya canja ba. Na sha auna kaina a wurinta, in da ita ce ta yi mini, ni ce aka tambaya. Kowane lokaci amsa ɗaya nake samu: da na faɗa.