Agadar Kaltumi

Shekarar da aka mai da Dutse babban birnin jiha, Kaltumi ta kafa rumfar abinci kusa da ofisoshi. 'Yar Ringim ce, ba ta taɓa dafa agada ba, wato babbar ayabar kudu. Da ta soya ɗanya, sai ta fito kamar itace. Masu baƙin bawo kuwa ta watsa wa awaki.

Maƙwabciyarta Maman Ngozi ta ce, "Yaya Kaltumi, awakinki sun fi ma'aikata morewa. Nunanniya ake soyawa, ɗanya a dafa. In kin yanka ɗanyar, tsoma ta a ruwa kada iska ta baƙanta ta."

Har ta tsufa, sai ta latsa agada kafin ta yanke mata hukunci. Mutane ma haka take musu, ba ta yanke musu hukunci da ganin bawo.