Guntu Ashirin da Huɗu na Goggo Mai Shago

Goggo mai shagon kayan wasa ba ta sayar da hoton haɗawa sai ta yi wa mutum tambayar ƙwaƙwaf. Maman Auta ta sha wannan tambayar ranar da ta shigo ranta a jagule. Kawun Auta ya kawo masa mai guntu ɗari, rabinsa shuɗin sama ne zalla. Auta ya gwada, ya watsar, yanzu komai aka miƙa masa sai ya ce bai iya ba.

"Shekararsa huɗu?" in ji Goggo. "Haba, 'yar nan! Wannan ko ni sai na yi kuka."

Ta zazzage wani kwali a kan kanta: guntu ashirin da huɗu, manya-manya, jar mota da kare a baya.

"Duk wanda ya ɗauka zai gane taya ce ko wutsiya. In ya fara huci, ware masa na gefe-gefe, ki kama bakinki."

Har yau Maman Auta tana sa mata albarka. Da yammacin ranar Auta na haɗa hoton, ta kai hannu za ta taya shi, ya ture hannun.

"Umma, bari. Na iya."