Ranar da na sa malafar Kaka

Kakana na wajen uba manomi ne a wani ƙauye kusa da Yargoje. Ba shi da sarauta, amma in aka yi rikicin iyakar gona shi ake kira, ya taka ya ce nan ne, magana ta mutu. Ni ce babbar jikarsa, shi ya sa yake kirana uwargida. Har yau in na tuna shi sai hawaye su zo mini, ga shi kuwa na binne miji na binne 'ya'ya.

Abin da aka fi saninsa da shi iri ne. In an girbe gero, kafin a ɗaure damma, sai ya bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya yana zaɓen dogaye masu cikar ƙwaya. Ba a sussuke su. Yakan ɗaure su daban, ya jera a wani ƙaramin rumbu da ke bayan ɗakinsa, ya barbaɗa toka saboda ƙwari, ya liƙe bakin da laka. In ruwan shuka ya sauka, duk wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa sai ya zo zaurenmu. Kaka ya ba shi, da kaka ya mayar.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ƙi. Aka yi shuka ta tsiro ta ƙone, aka sake ta ƙone. Abin da muka samu a ƙarshe kaɗan ne, a ciki Kaka ya tsame irin da ya fi kyau ya rufe. Lokacin ana ta labarin kuɗi sun yi yawa a birni, samari suka watse neman aikin gini. Mijina ya tafi Kaduna, shiru. Na kwaso 'ya'yana biyu na dawo gidan Kaka ina jinyarsa, don ƙafafunsa sun fara kumbura.

Da bazara ta yi nisa, ganyen tafasa da dusa muke ci. Ƙaramar ɗiyata ta rame har wuyanta ba ya ɗaukar kanta. Wata rana na durƙusa gabansa na ce, "Kaka, ko zangarniya biyar, in dama mata kunu."

Ya daɗe yana kallon yarinyar. Ya ce, "Uwargida, ba nawa ba ne. Na gari ne, ajiya aka ba ni." Ya turo mini ƙwaryarsa. Daga ranar ya daina cin rabonsa, sai ya ce azumi yake. Bai kai ruwan farko ba.

Bayan an kai shi makwancinsa, ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya iso daga Legas da agogo a hannu da rediyo. Ya yi kuka sosai, ban hana masa wannan ba. Da sadakar bakwai ta matso, ya ce mutum kamar Kaka ba za a yi masa sadakar kunya ba, za a zo daga Ƙetare da Daudawa har Sabuwa. Ya je kasuwar Ƙanƙara da kuɗinsa, ya dawo da geron da bai cika ƙwarya uku ba. Sai ya ce a fasa ƙaramin rumbu a daka gumba. Iri kuma, in ji shi, sai a saya in lokaci ya yi.

Ni na san babu inda za a saya. Hatsin da ke kasuwa daga nesa aka kawo shi, wani ya sha ƙwari, wani ba a san wata nawa yake yi kafin ya nuna ba. Geron Kaka ya san ƙasarmu. In ya shiga turmi, gonakin ƙauyen nan sun kwana. Na faɗa wa matan gida, suka ce in yi shiru, mace ba ta tsoma baki a zancen maza ranar makoki. Cikina kuma yana cewa a daka ɗin, ko 'ya'yana sa ci su ƙoshi rana ɗaya. Na rasa inda zan sa kaina.

To a wajenmu akwai wasan jikoki. In tsoho ya rasu, ranar sadaka jikoki sukan sa kayansa su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya, a ba su wani abu su tashi. Ba a yi wa jika faɗa a kan wannan.

Ranar sadakar da safe Baffa ya zo da gatari zai ɓalle lakar. Ya tarar da ni zaune a bakin rumbun, na sa tsohuwar rigar Kaka da malafarsa, na ɗora hauyarsa a kafaɗa. Na yi tari irin nasa na ce, "Kai, wane ɓarawo ne da rana tsaka?"

Mata suka fashe da dariya. Dattawan da ke zaure suka leƙo.

Baffa ya yi murmushi ya ce, "To Baba, a yi haƙuri. Ga sule biyar, a tashi."

"Sule biyar? Ka shuka su mu gani in za su tsiro."

Aka sake dariya. Na nuna wani dattijo da hauya, na ce, "Kai mai furfura, shekarar da gobara ta cinye maka rumbu, wa ya ba ka iri?" Ya ce, "Kai ne, Baba." Na juya ga liman. "Malam, da aka zo raba gonar marayun nan, wa ya hana a ci rabonsu?" Ya sunkuyar da kai. Na bi su haka, ina faɗin wanda Kaka ya kai wa gayya sa'ad da mutumin ke kwance, da wanda ya yafe wa dami. Ban san sa'ad da muryar Kaka ta kuɓuce mini ba, na koma tawa, ina kuka ina cewa, "Da yunwa ya mutu, Baffa! Ni na gani. Yana kwance yana jin ƙanshin geron nan bai taɓa ba. Ɗiyata na roƙar wa ya hana ni. Yanzu ku za ku dake shi ku ce sadakarsa ce?"

Babu wanda ya yi dariya. Baffa ya ce, "Mutane su zo su tafi hannu wofi?"

Liman ya ce, "Sadaka ba sai ta bi ta turmi ba. A raba shi yadda yake."

Baffa ya ɓalle lakar da hannunsa. Aka daka ɗan geron kasuwa, gumbar ba ta kai ko'ina ba, yara aka ba. Bayan addu'a kowane magidanci ya karɓi zangarniyarsa ya sa cikin riga.

Ruwa ya yi jinkiri, amma ya zo. Mata da tsofaffi muka yi shukar, ana sara da sungumi muna bi muna jefawa muna rufewa da ƙafa. Ta tsiro. Aka yi noman firi, aka yi na maimai, muna aiki muna ganin jiri. Gero ya fara fitar da kai ke nan ƙaramar ɗiyata ta cika, a bayana, a gona. Saura 'yan makonni a ci tumu.

Wannan shekarar ƙauyenmu bai watse ba. Ni kuma da aka kawo mini sabon gero na kasa haɗiya. Kaka ya ji tausayin yarinyar nan, na gani a idonsa, kuma ya hana. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa shi da ita.