Gwaggo Ta Danna Biyu

A layinmu Rediyo ake ce wa gwaggona, ba a bayan idonta ba, a gabanta. Tun kafin a haife ni take ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidanta, ƙafa na taka keke, baki na aiki. Mace ta kawo yadi, kafin a gama awo ta ji ra'ayin Gwaggo a kan yadin, da mijinta, da tarbiyyar 'ya'yanta. Da keken nan ta rufa wa kanta asiri bayan rasuwar mijinta, da shi ta yi wa 'ya'yanta biyu karatu.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta same ta bara. Hannun dama da ƙafar dama suka yi nauyi, magana ta ɗauke. Tana jin komai, tana karanta gajeren rubutu, amma ta haɗa kalma da baki ko da alƙalami, ya gagara. "To" kaɗai ta rage mata. Abin da ya fi ƙona min rai, kowa a gidan ya zama tafinta. Ta ce "to", Yaya, babban ɗanta, ya ce ruwa take so, Auta ta ce a'a, fanka ce ta dame ta.

Da ta fara takawa da sanda, kullum sai ta lallaɓa shago ta ɗauki hoton keken da wayarta, ta nuna wa duk wanda ya shigo.

"Sayarwa take so a yi, ganinsa na tayar mata da hankali," in ji Yaya. Har ya samo mai saye.

Ranar da za a zo ɗauka ina zaune kusa da ita. Akwai manhajar nan mai amsa tambaya da na taɓa sa mata a waya kafin ciwon saboda sababbin samfurin ɗinki, ta yi ta faɗa da ita kamar ƙanwarta. Na ga ta buɗe ta da hannun hagu, ta tura hoton, ba ko kalma ɗaya. Amsa ta fito:

"Na ga keken ɗinki na ƙafa, amma ba rubutu tare da hoton. Me ake so in yi?
1. In faɗi irin keken
2. In taimaka a gyara shi
3. In rubuta tallar sayarwa
4. Wani abu dabam
Lambar kawai ta isa."

Yaya ya leƙo. "Yauwa! Inna, danna uku."

Gwaggo ta yi masa kallon da ta saba yi wa mai kawo ɗinki a ƙurarren lokaci. Ta danna biyu, ta tura.

Manhajar ta ce daga hoto ba za ta iya gane matsalar ba, ta sake jero tambaya: zare ke tsinkewa, allura ke tsallake, ko takawa ke da wuya? Gwaggo ta zaɓi takawa. Aka sake ba ta zaɓi: a sa mai a duba bel, ko makaniki ya duba ya ɗaura ƙaramin inji, wanda ƙafa ɗaya ke latsawa a hankali. Ta danna na injin, ta ɗaga wayar har kusa da hancin Yaya, ta buga ƙafarta ta hagu a ƙasa.

"To!" ta ce. Wallahi duk wanda ya ji wannan "to" ɗin bai nemi tafinta ba.

Auta ta fashe da kuka. "Inna, ashe aiki kike son komawa? Mu muna nan muna yanke miki hukunci!"

Ni ma na yi hawaye, amma na daɗi. Yaya ya fita ya ba mai saye haƙuri, ya dawo da makaniki.

Ba a rana ɗaya ta koma ba. Ɗinkin farko ya karkace, ta farke, ta sake, hannun hagu na jan yadi, na dama na danne shi. Yanzu kalmasa da gyaran tsawo take karɓa, mata kuma sun dawo, har suna cewa awo ya fi sauri tunda Rediyo ta rage murya.

A gida an daina yi mata fassara. Mai tambaya ya jero da yatsu, ita ta zaɓa. Jiya Yaya ya kawo mata wandonsa shago, ya durƙusa.

"Inna, ɗaya, a rage tsawo. Biyu, a bar shi haka."

Ta ɗaga yatsu huɗu.

"Babu huɗu, Inna."

"Akwai," na ce. "Wani abu dabam."

Ta nuna tumbinsa, ta jawo tef ɗin awo daga wuyanta, ta yafito shi. Shago ya kwashe da dariya, tata ta fi ta kowa ƙara.